Kana shafa ta, ta cije ka: abin da kyanwa ke faɗa kafin ta kai cizo

A gidaje da yawa ana kiwon kyanwa ne saboda ɓeraye, amma yara da matasa ne suka fi ɗaukar ta a cinya. Su ne kuma suka fi kawo ƙorafi iri ɗaya: da kanta ta zo, ta kwanta, tana gurnaninta mai taushi, ana cikin shafa ta sai ta juyo ta kafa haƙora a hannu, ta dira ta yi gaba. Daga nan sai a ce mage ba ta da amana. Masana halayyar dabbobi kuwa sun nuna cewa da wuya cizon nan ya zo babu gargaɗi. Kyanwa tana yin kashedi da jela da kunne da fata, mu ne idonmu ke kan waya ko talabijin.

Daɗi yakan koma takura

A gindin gashin jikin kyanwa akwai jijiyoyi masu saurin jin taɓawa. Shafar farko tana yi mata daɗi, amma idan hannu ya yi ta bin wuri ɗaya, abin sai ya fara damun ta. Ka tuna yadda cakulkuli yake: farkonsa dariya, idan ya daɗe kuma sai ka ture mai yin sa. Kowace kyanwa tana da iyakarta. Wata za ta jure minti goma, wata ko minti ɗaya ba ta kaiwa. Rainon da ta samu yana da hannu a ciki, domin tsakanin sati 2 zuwa sati 7 da haihuwa ne 'yar kyanwa ta fi saurin sabawa da hannun mutum. Wadda ta tashi a bayan rumbu ko cikin kango, ba mai taɓa ta a lokacin, yawanci haƙurinta gajere ne ko da ta saba da gida daga baya.

Inda ake taɓawa ma yana da tasiri. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Lincoln ta Ingila, wanda aka wallafa a 2015, ya gano cewa shafa gindin jela ya fi kowane wuri jawo alamun ƙi, yayin da kyanwoyi suka fi karɓar taɓawa a fuska. Kumatu da haɓa da gindin kunne su ne wuraren da take goga wa abin da ta yarda da shi. Ciki kuwa tarko ne. Idan ta yi rigingine ta nuna ciki, tana nufin hankalinta a kwance yake, ba gayyatar hannu take yi ba.

Alamomin, daga ƙarami zuwa babba

Jela ce ke fara magana. Kyanwar da ke jin daɗi jelarta a sake take. Idan kan jelar ya fara motsi kaɗan-kaɗan, ta fara ƙosawa. Idan ta koma dukan cinyarka ko tabarma da ita, ƙarshen haƙuri ya kusa. A nan ne masu kiwon kare ke ruɗewa, domin sun saba ganin kaɗa jela a matsayin murna.

Sai fatar baya. Za ka ga tana rawa ko tana tattarewa a ƙarƙashin hannunka, kamar ta doki idan ƙuda ya sauka masa. Kunnuwan da ke fuskantar gaba za su juya gefe, daga baya su kwanta. Gurnanin yakan tsaya cak, jiki ya sandare, baƙin idonta ya buɗe ko da akwai haske. Kada gurnani shi kaɗai ya yaudare ka, don kyanwa takan yi shi har lokacin da take cikin damuwa ko ciwo. Alama ta ƙarshe ita ce juyo da kai da sauri tana kallon hannunka. Tsakanin wannan kallo da cizo, wani lokaci ko daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba.

Yadda za ka gano iyakar taka

A ɗauka kyanwarku takan ciji ƙaninka duk dare idan suna zaune a tabarma. Ku ɗauki kwana uku kuna ƙirga shafa. A ce kun lura a ta bakwai kan jela yake fara motsi, a ta goma kunnuwa sun juya, wajen ta goma sha biyu sai cizo. To, iyakarta bakwai ce, ku kuma sai ku tsaya a biyar. Ya miƙa mata yatsa ta shinshina tukuna. Idan ta goga kumatunta, ya shafa haɓa da gindin kunne sau uku zuwa biyar, ya ɗauke hannu ya jira. Ta sake turo kai, ya ƙara. Ta kawar da kai ko ta shiga lasar jikinta, zance ya ƙare. Bayan mako guda ba cizo, ana iya ƙara shafa ɗaya ko biyu, a bi ta da ɗan guntun kifi. Wasu kyanwoyin ba sa taɓa wuce iyakar da suka tsaya, kuma wannan ba laifi ba ne.

Idan alamun sun bayyana tana kan cinyarka, kada ka ture ta da hannu. Janye hannuwanka, ka miƙe a hankali, za ta sauka da kanta. Idan ta riga ta kama, kada ka fizge, domin fizga tana yaga fata, tana kuma tayar mata da halin farauta. Tsayar da hannun, yawanci za ta saki. Duka ko jifa da takalmi yana koya mata cewa hannu abin tsoro ne, sai ta riƙa saurin kai cizo fiye da da.

Ba kowane cizo ne na gajiya da shafa ba

'Yar kyanwar da ta yi kwanton ɓauna, ta rungume hannu tana shurin sa da ƙafafun baya, wasan farauta take yi. Maganinta igiya ko tsumma a bakin sanda, ba yatsu ba. Wadda kuma a da take son shafa, yanzu ta koma cizo da zarar an taɓa wani wuri, wataƙila ciwo ne: ƙurji daga faɗan muzurai, ƙuma, ciwon haƙori ko na gaɓoɓi idan ta tsufa. Wannan aikin likitan dabbobi ne.

Idan haƙori ya huda fata

Haƙoran kyanwa sirara ne kamar allura. Suna tura ƙwayoyin cuta can ciki, bakin raunin kuma ya rufe da wuri, shi ya sa hannu kan kumbura ya yi ja cikin kwana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15. Daga nan a je asibiti a ranar, musamman idan cizon a yatsa ne ko kan gaɓa, domin a duba batun allurar tetanus da ta ciwon haukan kare. Sunan na kare ne, amma kyanwa ma tana ɗaukar cutar tana yaɗa ta, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Idan kyanwar ta gida ce, a killace ta a sa mata ido kwana 10, ba tare da an jinkirta zuwa asibiti ba. Idan kuma ba a taɓa yi mata rigakafi ba, sai a kai ta asibitin dabbobi mafi kusa bayan kwanakin sun cika.