Duhun Fuska Da Sauya Murya: Yadda Ake Sirranta Mai Ba Da Shaida A Bidiyo

Duk mai kallon shirye-shiryen bincike ya saba ganin mutum zaune a duhu, ba a ganin komai sai inuwarsa, muryarsa kuma ta yi kauri kamar daga cikin rijiya take fitowa. Abin da ya kamata mai haɗa irin wannan bidiyo ya riƙe shi ne, ba baƙi ake ɓoye wa mutumin ba. Maƙwabcinsa da maigidansa a wurin aiki ake ɓoye wa, waɗanda ko tarinsa suka ji sun san shi ne.

A ce wata ma'aikaciyar jinya ce ta yarda ta fallasa yadda ake karkatar da magunguna a inda take aiki. Aikin farko yana wajen ɗaukar hoto. Za a zaunar da ita a ɗaki, taga mai haske ko farin bango da aka haska yana bayanta, ita kuma a matsar da ita kamar taku uku daga bangon don kada hasken ya dawo mata a kumatu. Sai a kashe duk fitilar da ke gabanta, a daidaita kyamara da hasken bayan, har fuskar ta zama baƙi ƙirin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki fuskar da haskenta, da niyyar a duhunta ta daga baya a kwamfuta. Duhun da bai kai ba yana barin kamannin fuska kwance a cikin hoton, kuma duk mai waya zai iya ƙara haske ya fito da su. Gwajin ba shi da wuya: bayan an gama, a ƙure hasken hoton har ƙarshe. Idan ido ko haƙori ya bayyana, aiki bai yi ba. Haka nan kada a ɗauke ta ta gefe, domin tsinin hanci da haɓa da tabarau duk suna fita sarai a inuwa. Ta fuskanci kyamara, ta lulluɓa da babban mayafin da ba nata ba, a kuma yanke hannuwanta daga hoton, saboda yadda mutum ke wasa da hannu in yana magana shi ma shaida ne.

Sai murya. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, akwai umarnin Change Pitch da ke ɗaga murya ko sauke ta ba tare da sauya saurin magana ba. Ana auna sauyin da ƙananan matakai, waɗanda 12 daga cikinsu ke ninka kaifin murya sau biyu. Idan muryar matar tana kaɗawa sau 200 a daƙiƙa, sauke ta da mataki 4 zai mayar da ita wajen 159, ta yi kama da ta namiji mai siririyar murya. In aka zarce haka da yawa, kalmomi sukan dagule, mai sauraro ya kasa fahimta.

Amma a nan ne haɗarin yake. Lissafin da ya sauke murya shi ne zai dawo da ita. Wanda ya sauko da bidiyon ya ɗaga sautin da mataki 4 zai ji abin da ya yi kusa ƙwarai da muryarta ta asali, kuma gwaji kaɗan ya ishe shi ya gano adadin. Ko bai yi haka ba, na'ura ba ta taɓa karin harshe. Basakkwaciya tana nan da Sakkwatancinta, mai yawan cewa "ka gane ko" tana nan da kalmarta, haka ma inda take jan numfashi da yadda take dariya.

Saboda haka, idan tonuwar asiri za ta iya jawo kora daga aiki ko barazana ga rai, a ajiye muryarta gaba ɗaya. A rubuta abin da ta faɗa, a cire sunan unguwa, da shekarar da ta fara aiki, da duk labarin da ita kaɗai ta sani, sannan wata ta karanta, a kuma sanar da masu kallo cewa ba muryarta ba ce. A saurari bayan fage ma, domin muryar ladanin unguwa ko ƙarar injin niƙa na iya nuna inda aka zauna. Ainihin abin da aka ɗauka kuwa kada ya kwana a waya, kada kuma a tura shi ta zauren sada zumunta.

Kafin a saki bidiyon, a nuna mata shi, a tambaye ta ko 'yar uwarta za ta gane ta. Idan ta yi jim kafin ta amsa, a koma a sake aiki. Wanda ya ba ka labarinsa amana ya ba ka, kuma bidiyon da ya riga ya fita ba ya dawowa.