Maganar da Za a Ji Kuma a Karanta

Wanda ya saba rubuta wa rediyo yana rubutu ne don kunne. Yana da damar jan jimla, ya sa "to" da "wato" da "kamar yadda muka sani", muryar mai karantawa ta ɗauke nauyinsu. Matsala takan taso ne ranar da aka ce maganar nan za ta fito a bidiyo, kuma kalmomin da baki ya furta su ne za a rubuta a ƙasan hoto, saboda kurame da masu kallo a waya ba tare da sauti ba. Idan aka bari sai an gama naɗar murya, zaɓi biyu ya rage: a cusa rubutu ya yi ta wucewa da gudu, ko a datse shi ya saɓa wa abin da ake ji. Gyaran ya fi sauƙi tun magana tana kan takarda.

Ƙasan hoto wuri ne ƙunci. A ƙa'idar Netflix, layi ba ya wuce haruffa 42, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma layi biyu ne iyaka. Rubutu ba ya daɗewa fiye da daƙiƙa 7 a allo. A Turanci sun yarda da haruffa 20 a daƙiƙa ga manya, 17 ga yara. Tsohuwar ƙa'idar talabijin ta Turai kuwa tana ba cikakkun layuka biyu daƙiƙa 6, wato kusan haruffa 12 a daƙiƙa. Ni dai wannan tsohuwar na fi so ga Hausa, domin da yawa daga masu kallonmu sun fi sabawa da sauraro a kan karatun boko.

Ga misali daga sanarwar lafiya. Marubuci ya rubuta: "To, jama'a, kamar yadda muka sani, idan yaro ya kamu da gudawa, abin da ya kamata uwa ta yi shi ne ta samu ruwa mai tsafta kamar lita ɗaya ta zuba garin gishiri da sukari ƙunshi guda a ciki." Haruffa kusan 190 ke nan. Mai saurin baki zai faɗe ta cikin daƙiƙa 11, wato haruffa 17 a kowace daƙiƙa. Idon mai kallo zai maƙale a ƙasa, ba zai ga hannun da ke haɗa ruwan ba, alhali don shi aka ɗauki hoton. Ban da haka, jimla ce ɗaya da za ta ci allo uku, kuma kafin a kai ga ƙunshin an manta da yaron.

Sai a zubar da share fagen, a raba ta biyu, kowace jimla ta cika allonta:

```
1
00:00:01,000 --> 00:00:06,500
Idan yaro ya kamu da gudawa,
ki nemi ruwa mai tsafta lita ɗaya.

2
00:00:06,600 --> 00:00:12,000
Ki juye ƙunshin gishiri da sukari
guda ɗaya a ciki, ki motsa.
```

Yanzu haruffan sun dawo kusan 120, wato 11 a daƙiƙa. Mai gabatarwa zai karanta wannan ɗin a natse cikin lokacin da aka ba shi tun farko, ya numfasa daidai inda allo ke sauyawa. A lura da inda aka karya layi: bayan waƙafi, ko inda gaɓar magana ta ƙare. Ba a barin "ya" a ƙarshen layi "kamu" ya faɗo ƙasa, ba a raba "ruwa" da "mai tsafta". An kuma cire "kamar" daga gaban lita, don awo ne ba kintace ba.

Akwai wani tarko da ya shafi Hausa musamman. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A baki, "ya sha magani" na labari daban yake da "ya sha magani" na umarni, kuma kunne ba ya ruɗewa. A allo kuwa, ga wanda ba ya jin muryar, iri ɗaya ne, sai uwa ta ɗauka an riga an ba yaro abin da ake cewa a ba shi. Maganinsa a sake ginin jimlar: "a ba shi magani" ko "an ba shi magani", inda bambancin yake a bayyane. Shi ya sa a misalin sama aka bar "ta samu" aka koma "ki nemi", tunda "ki" ba ya rikicewa da "kin".

Kafin a shiga naɗa, a karanta rubutun da ƙarfi ana duba agogo, a raba yawan haruffa da daƙiƙoƙi. Manhajojin kyauta irin su Subtitle Edit da Aegisub suna nuna wannan lissafi. A kuma adana fayil ɗin a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya komawa alamar tambaya a allo. Sannan a sa wanda bai san rubutun ba ya kalla da sauti a kashe. Duk inda ya tsayar da bidiyon ko ya mayar da shi baya, jimlar wurin ce za a sake ragewa.