Wasiƙar da ke raka littafi in an sake masa tsari

Wata ƙanwata malamar makaranta ta rubuta kundin digirinta na biyu a kan waƙoƙin da mata ke yi wajen aikin gida, irin na niƙa da daka da daɓe da raino. Da ta kai wa wani kamfanin ɗab'i, editan ya karanta tas, ya cika gefen shafuka da jan biro, ya ce mata aikin yana da kyau amma har yanzu kundi ne, bai zama littafi ba. Ta koma gida ta yi wata huɗu tana fama, ta rushe ginin ta sake tayar da shi. Ranar da ta gama, ta tura masa sabon fayil da layi ɗaya tak: ga gyaran nan, Malam, na gode.

Bayan mako biyu ya kira ta ransa a ɓace. Ya buɗe shafi na 112 inda ya yi mata tambaya a kan wata waƙar daɓe, bai ga waƙar ba. Ya nemi babi na biyu da ya ce a rage, ya tarar babu shi sam. Bai san ko ta bi shawararsa ba ne, ko ta zubar da rabin aikin, ko kuwa fayil ɗin ne ya lalace a hanya. Alhali duk abin da ya nema ta yi, har da ƙari. Abin da ba ta yi ba shi ne ta gaya masa inda kowane abu ya koma.

Edita yana riƙe da tsohon rubutun ne a kansa da kuma kan teburinsa. Ya san ɗakunan gidan kamar yadda ya bar su. In ka sauya ƙofofi ka mayar da zaure baya, sannan ka tura shi ciki da dare babu fitila, dole ya yi karo da bango. Wasiƙar rakiya ita ce ke kama hannunsa ta zagaya da shi, tana cewa abin da ka sani a can, yanzu ga shi nan, ga kuma dalili.

Wani zai ce ai manhajar Word tana da Track Changes, mai nuna duk abin da aka goge da wanda aka ƙara. Haka ne, kuma tana da amfani ƙwarai in gyaran na jimla ne ko na kalma. Amma in babi guda aka tsaga gida huɗu aka rarraba, shafin yakan cika da launi da jan layi har karatu ya gagara. Haka ma Compare, wadda ke gwada fayil biyu: in tsarin ya sauya da yawa, sau da yawa sai ta nuna kamar an goge tsohon rubutu an kawo sabo fil, ko da kuwa sakin layi ɗaya ne ya tashi daga gaba ya koma baya. Na'ura tana iya nuna cewa abu ya motsa. Dalilin motsin sai mai rubutu.

Muka zauna da ita muka rubuta wasiƙar da ya kamata ta tura tun farko. Bayan sallama da gaisuwa, ba mu tsaya dogon godiya ba, muka sa hoton aikin gaba ɗaya a sakin layi na farko:

"Malam, ga littafin nan bayan gyaran da ka ba da shawara. A da babi biyar ne da rataye, kalmomi kusan 62,000. Yanzu gabatarwa ce da babi huɗu da kammalawa da ɗan gajeren rataye, kalmomi kusan 51,000. Tsari ne ya sauya. Hujjata da sakamakon bincikena suna nan yadda ka karanta su."

Jimlar ƙarshen nan ita ce edita ya fi buƙata, domin tambayar farko da ke zuciyarsa ita ce ko littafin da ya amince da shi shi ne har yanzu a hannunsa. In hujjar ma ta sauya, to a faɗa a nan, kada a bari ya gano da kansa a shafi na saba'in. An ba da adadin kalmomi maimakon na shafuka da gangan. Yawan shafi yana bin girman harafi da tazarar layi, kundin jami'a kuwa da layi mai tazara biyu ake buga shi, saboda haka shafi 200 zai iya komawa 120 ba tare da an cire ko waƙafi ba.

Daga nan muka shiga taswirar, kuma a nan muka fi daɗewa. Kundin yana da tsarin da aka saba a jami'o'inmu: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, nazari, sai kammalawa. Mai karatun kasuwa ba zai haƙura da shafi sittin kafin ya ji waƙa ko ɗaya ba. Ta rubuta cewa babi na 1 zuwa na 3 sun haɗe sun zama gabatarwa guda, kuma daga nan ne aka cire mafi yawan kalmomi 11,000 da suka ragu, wato bayanin dalilin bincike da farfajiyarsa da jerin wane ya ce wane ya ce. Tsohon babi na 4, wanda shi ne zuciyar aikin, ya rabu huɗu bisa aikin da ake yi wa waƙar: niƙa, daka, daɓe, raino. Dalilin da ta bayar jimla ɗaya ce, cewa a tsohon tsari an jera waƙoƙin ne bisa salo, sai mai karatu ya riƙa tsalle daga bakin turmi zuwa goyon jariri a shafi guda.

A lura da kalmomin da ta yi amfani da su. Abin da aka matsar ta ce an matsar, abin da aka cire ta ce an cire, abin da ta rubuta sabo ta ce sabo ne. Cewa "na gyara babi na huɗu" kawai ba ta gaya wa edita komai, domin kowane ɗaya daga cikin ukun nan aiki daban yake jawo masa. Wanda aka matsar ya riga ya tace shi, dubawa kawai zai yi ko ya zauna daidai a sabon wurinsa. Wanda aka cire zai so ya tabbata ba a bar wata jimla a gaba tana nuni gare shi ba. Sabon rubutu kuwa bai taɓa ganinsa ba, sai ya karanta shi harafi-harafi. Ita sabon rubutunta bai wuce sakin layi biyu-biyu da ke buɗe kowane babi ba, ta kuwa ambata su, ta yi musu alama da launin rawaya a cikin fayil.

Sai batun lambobin waƙoƙi, wanda shi ne ya ɓatar da editan a shafi na 112. A kundi, waƙoƙi 60 suna rataye da lamba 1 zuwa 60, nazarin kuma yana cewa duba waƙa ta kaza. A littafi ta ɗauko 48 ta sa su cikin babi kusa da sharhinsu, ta bar 12 a rataye, ta sake musu lamba. Waƙa ta 37 ta zama ta 5 a babi na uku. Duk tambayar da edita ya rubuta da tsohuwar lamba ta rasa gida. Maganin wannan jadawali ne mai gida uku a ƙarshen wasiƙa: tsohuwar lamba, sabuwar lamba, babin da take. Yin jadawalin ya ci mata yini guda, kuma garin yin sa ne ta gano wurare bakwai da rubutunta ke tura mai karatu ga lambar da ba ta nan. Da an buga littafin a haka, da kuskuren ya shiga kowane kwafi.

Akwai kuma abin da ta ƙi yi, shi ma sai da muka ba shi wuri. Editan ya nemi a mayar da waƙoƙin zuwa daidaitacciyar Hausa. Yawancinsu kuwa daga bakin matan ƙasar Sakkwato da Zamfara ta naɗo su, inda ake cewa "shina" a wurin da Bakano zai ce "yana". Marubuta da yawa in ba su yarda da shawara ba sai su yi shiru, su bar edita ya ɗauka mantuwa ce. Ina ganin wannan rashin adalci ne ga mutumin da ya ba aikinka lokacinsa. Ga yadda ta ce:

"Malam, a batun karin harshe ina roƙon ka yi mini uzuri. Na daidaita duk sharhina, amma baitocin na bar su yadda matan suka rera, domin in aka sauya kalma kari da amsa-amo sukan karye, kuma karin harshen yana cikin abin da nake nazari. Na sa ma'anar kalmomin da za su yi wa mai karatu wuya a ƙasan shafi. In ka ga bai wadatar ba, a shirye nake mu sake tattaunawa."

Abu na ƙarshe ya shafi duk mai rubutu da Hausa, wato haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. An buga kundinta da wani tsohon nau'in harafi da ke ɗora su a gurbin wasu alamomi, irin wanda in aka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da shi sai ka ga baƙaƙen alamu a tsakiyar kalma. Ta mayar da su tsarin Unicode da kowace na'ura ta zamani ke ganewa. A ido wannan kwalliya ce kawai, amma a littafin da ke magana a kan daka, ƙugiya ɗaya ce ta raba matar da ke daka da wadda ke ɗaka. Ta gaya masa ta yi sauyin, ta ce ta bi babi na biyu da idonta saboda wannan kalma, ta kuma faɗi cewa 'y ta rubuta kamar yadda aka saba a Nijeriya, ba ƴ da ake amfani da ita a Nijar ba, don kada mai tsara shafi ya gauraya su.

Wasiƙar ta tsaya a shafi ɗaya da rabi, ban da jadawalin. Ta haɗa ta da fayil uku, kowanne da kwanan wata a jikin sunansa: sabon rubutun na Word wanda za a yi aiki a kansa, kwafinsa na PDF don a ga yadda haruffan ya kamata su fito, da tsohon kundin mai ɗauke da tambayoyin editan, inda ta rubuta a ƙarƙashin kowace tambaya babi da sashen da amsarta take yanzu. Da ya buɗe na ukun ya je shafi na 112, ya ga an rubuta: babi na uku, waƙa ta 5. Daga nan ya ci gaba da tacewa.