Ciwon nono mai bin al'ada da ƙullutun da ke buƙatar likita: Yadda mace za ta bambance su

Akwai matan da ba sa buƙatar duba kalanda kafin su san al'adarsu ta kusa. Nono ne ke fara kawo musu labari: ya yi nauyi, ya cika, rigar mama ta matse, kwanciya rubda ciki ta gagara. Da jini ya zo, kwana ɗaya ko biyu, sai komai ya lafa kamar ba a yi ba.

Wannan ciwo da ke zuwa yana tafiya shi ne ya fi tayar wa mata hankali, alhali galibinsa ba cuta ba ne. Wanda ya kamata a damu da shi kuwa sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan: ƙullutu ne guda ɗaya, a wuri ɗaya, wanda al'ada za ta zo ta wuce ta bar shi yana nan. Saboda ba ya damun kowa, sai a ƙyale shi wata da watanni. Shi ya sa zafi ba shi ne ma'aunin hatsari ba. Abin dubawa shi ne lokacin da abu yake zuwa, da wurin da yake, da ko yana tafiya.

Dalilin da nono ke ciwo kafin al'ada

Nono ba ƙitse ne kaɗai ba. A cikinsa akwai 'yan jakunkunan da ke samar da ruwan nono, da siraran hanyoyin da ke kai ruwan zuwa kan nono. Waɗannan sassa suna amsa kiran sinadarai biyu da ƙwan mace ke fitarwa, wato istirojin da furojestaron.

Ga macen da zagayen al'adarta ke cika kwana 28, ƙwai kan fita wajen rana ta 14, idan aka fara ƙirge daga ranar da jini ya zo. Daga nan furojestaron ke hauhawa, jakunkunan su kumbura, naman nonon ya riƙe ruwa. Idan ba a samu ciki ba, sinadaran sai su sauka, jini ya zo, kumburin ya sace.

Don haka ciwon yana da kamanni da ake gane shi da su. Yakan fara ne daga 'yan kwanaki zuwa mako biyu kafin al'ada, ya tsananta gab da zuwanta, sannan ya yi sauƙi bayan ta fara. Yakan kama nonuwa biyu, ko da ɗaya ya fi ɗaya. Ya fi yawa a sashen sama ta wajen hamata, inda naman da ke samar da ruwan nono ya fi taruwa. Nauyi ne da tsami, kuma mace ba ta iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, sai dai ta shafa da tafin hannu. Idan ta taɓa a waɗannan kwanaki za ta iya jin gudaji-gudaji a warwatse a ɓangarorin biyu, waɗanda ke raguwa bayan jini ya zo.

Ƙwayoyi da alluran tazarar haihuwa na iya kawo irin wannan nauyi, musamman a watannin farko. Haka ma ƙaramin ciki: idan nono ya cika ya ƙi sacewa kuma al'ada ta ƙi zuwa, gwajin ciki ne matakin farko.

Sauƙin ciwon ba shi da wuya. Rigar mama da ta yi daidai da jiki, mai tallafe nono sosai, tana rage shi, har a iya kwana da mai laushi a kwanakin da ya tsananta. Farasitamol ko ibufurofen kan taimaka, amma mai gyambon ciki ko mai juna biyu ta nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin ta sha ibufurofen.

Ƙullutun da ba ya bin wata

Ƙullutu na gaske daban yake da gudajin da aka ambata. Yana da iyaka, ana jin sa dabam da naman da ke kewaye da shi, kuma idan aka taɓa daidai wurin a ɗaya nonon ba a jin irinsa.

Mafi yawan irin waɗannan ƙullutai ba sankara ba ne. 'Yan mata da mata masu ƙarancin shekaru sun fi samun wani ƙari mai santsi, mai tauri kamar roba, wanda ke zillewa a ƙarƙashin yatsa, likitoci na kiransa faibiro'adinoma. Matan da ke tsakanin shekara 35 da 50 kuwa sun fi samun 'yar jakar ruwa, wadda kan ƙara girma ta yi zafi kafin al'ada. Ƙullutun sankara ya fi zama mai tauri, marar santsin gefe, wanda ba ya motsi sosai, kuma a farkonsa yawanci ba ya ciwo.

Sai dai hannu ba ya yanke hukunci, ko da hannun likita ne. Akwai sankarar da ke da santsi tana motsi, akwai kuma mai zafi. Amfanin sanin waɗannan siffofi shi ne mace ta iya yi wa likita bayani, ba ta wanke kanta da kanta ba.

Misali daga kwanakin wata

A ɗauki misalin mace mai shekara 26, wadda al'adarta ke zuwa duk kwana 28. Jini ya zo mata ranar 1 ga Yuni. Wajen 18 ga wata nonuwanta suka fara nauyi kamar yadda ta saba. Ranar 24, tana wanka, sai ta ji wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a saman nonon dama, ta wajen hamata.

A wannan rana nonon yana kan ganiyar kumburi, don haka abin da hannu ya ji yana iya zama naman nonon ne kawai. Abin da ya dace ta yi shi ne ta rubuta abu huɗu: kwanan wata, wane nono ne, wane wuri, da girmansa. Ta kuma bar yawan matsa wurin, domin matsawa kan jawo tsamin da zai ƙara rikita ta.

Al'ada ta zo ranar 29 ga Yuni. Lokacin da nono ya fi laushi shi ne rana ta 7 zuwa ta 10 daga farawar jini, wato daga 5 zuwa 8 ga Yuli a lissafinta. A ɗaya daga cikin ranakun sai ta tsaya gaban madubi, hannuwa a sake, sannan a ɗage sama, sannan a dafe ƙugu, tana duban sifar nonon da fatarsa. Daga nan ta kwanta rigingine, ta sa hannun dama a bayan kai, ta bi nonon dama da cikin yatsu uku na hannun hagu, daga ƙashin wuya zuwa ƙarƙashin nono, daga tsakiyar ƙirji zuwa cikin hamata. Sannan ta sauya hannu ta duba na hagu.

Idan nauyin ya tafi, ƙwayar gyaɗar ma ta ɓace, kuma nonuwan biyu sun yi kama da juna a hannu, to abin na al'ada ne, sai ta ci gaba da dubawa kowane wata. Idan kuwa ciwon ya tafi amma ƙullutun na nan a inda ta rubuta, to jira ya ƙare, ta nufi asibiti a cikin makon. A nan ne mata da yawa ke yin kuskure: tafiyar zafin sai ta sa su ɗauka matsalar ma ta tafi.

Waɗanda bai kamata su jira ba

Wannan jira na zagaye ɗaya na mace ce mai ƙuruciya wadda ba ta ga wata alama ba. Wadda ta kai shekara 30 ta ji ƙullutu mai iyaka, gara ta je a duba ta ba tare da jiran al'ada ba. Wadda ta daina al'ada kuwa ba ta da zagayen da za ta ɗora wa laifi. Haka wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yin sankarar mama.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su ko shekarun mace nawa ne: fatar nono ta lotsa ko ta yi ramuka kamar ɓawon lemu; kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba; jini ko ruwa ya riƙa fita da kansa daga kan nono ɗaya; ƙurji ko gyambo a kan nono da ya ƙi warkewa; kaluluwa mai tauri a hamata; ko nono ɗaya ya kumbura ya yi ja.

Mai shayarwa na buƙatar kulawa ta musamman. Toshewar hanyar ruwan nono kan kawo ƙullutu mai zafi da ke sacewa cikin 'yan kwanaki, kuma idan zazzaɓi ya shigo ana bukatar magani daga asibiti. Amma idan an kammala maganin ƙullutun ko jan fatar bai tafi ba, a koma. Ciki da shayarwa ba sa hana sankara, sai dai su ɓoye ta.

Abin da za a yi a asibiti

Binciken ƙullutu hawa uku ne. Da farko likita zai yi tambayoyi ya duba nonuwa da hamata, kuma mace na da damar neman a kawo ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita. Na biyu shi ne hoto. Ga masu ƙarancin shekaru an fi yin sikanin, domin naman nononsu na da kauri, shi ne kuma ke nuna ko ƙullutun ruwa ne ko tsoka. Daga wajen shekara 40 akan yi mamogiram. Na uku, idan hoton ya nuna buƙata, za a kashe zafin wurin a ciro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan ne kaɗai ke tabbatar da ko sankara ce.

Maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe ta hana mata da dama wannan gwaji. Abin da ke bai wa cutar damar yaɗuwa shi ne watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe a gida. Wani abin lura kuma: idan an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan ƙullutu ba tare da hoto ba, kuma bai tafi ba, mace ta nemi a tura ta gaba. Manyan asibitoci irin su Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna yin waɗannan gwaje-gwaje.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3 a faɗin duniya, kuma ta yi ajalin mutum 670,000. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, kuma akasarin masu ita suna isa asibiti ne bayan ta yi nisa. Shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya sa burin a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti. Kwanakin da ke gaban wannan rana kuwa a hannun mace da iyalinta suke, kuma takardar da ta rubuta kwanan wata da wurin ƙullutu ita ce abu na farko da za ta miƙa wa likita.