Kafin wutar nan ta cinye muku gem

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san wannan lokaci. Ana minti na 88, kuna gaba da ci ɗaya, sai talabijin ta yi ɗif, fanka ta tsaya, ɗaki ya kaure da salati. Yawancinmu abin da ke ba mu haushi shi ne wasan da ya lalace. Amma a wannan hutu da muka dawo gida daga jami'a mun gane cewa wasan shi ne ƙaramar asara. Babbar asarar tana faruwa ne a cikin na'urar, inda ido ba ya gani.

Yayan wani abokinmu yana da ƙaramin shago a Ƙanƙara, da PS4 guda biyu da talabijin biyu. Da kuɗin shagon yake taimaka wa ƙannensa da na makaranta. Ran nan aka ɗauke wuta daidai lokacin da ɗaya daga cikin na'urorin take ajiye wasa. Da aka kunna janareta, sai ta ƙi shiga gem ɗin, kuma kakar wasa ta wata uku da muka gina a FIFA ta tafi. Bayan mako biyu kuma aka dawo da wuta da ƙarfi cikin dare, na'ura ta biyu tana jone a soket, da safe ko fitila ba ta kawo ba. Sai da aka kai ta wurin mai gyara a Funtua, shagon ya kwana goma yana aiki da rabin ƙarfinsa.

Waɗannan ɓarna biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma maganinsu ma daban. Ɗaya tana zuwa ne lokacin da wuta ta tafi, ɗayar kuma lokacin da ta dawo.

Lokacin da wuta ta dawo

An ƙera kayan wutarmu ne don ƙarfin bolt 230. A daidai lokacin da aka dawo da wuta, ko aka juya daga janareta zuwa layin gari, ƙarfin yakan yi tsalle ya zarce haka nesa ba kusa ba, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan tsallen ne yake ƙona sashen da ke karɓar wuta a cikin PS4 ko talabijin.

Soket mai kariya an yi shi ne don wannan. A cikinsa akwai wani ɗan ƙaramin abu mai kama da kwabo, wanda ba ya yin komai idan wuta tana daidai, amma da zarar ta yi tsalle sai ya karkatar da rarar kafin ta kai ga na'ura. Sai dai ba kowane doguwar soket mai ramuka huɗu da jar fitila ce ke da shi ba. Da yawa a kasuwa waya ce kawai da makunni. Ku duba jikin kwalin: mai kariya na gaske yakan nuna yawan ƙarfin da zai iya shanyewa da lamba da harafin J, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon juriyarsa. Ku sani kuma yana gajiya. Kowane bugu da ya sha yana rage masa ƙarfi, har wata rana ya koma soket na banza alhali yana ci gaba da ba da wuta. Idan yana da fitilar da ke nuna kariya kuma ta mutu, to aikinsa ya ƙare. Haka nan ba ya cika aikinsa a gidan da ba a haɗa wayar ƙasa ba, wato ta rami na uku a soket.

Akwai kuma wata matsalar da wannan soket ba ya maganinta: wutar da ta zo da rauni, ko ta zo da yawa ta daɗe a haka. Alamarta ita ce fanka tana juyawa kamar mai jin barci, ko ƙwan fitila ya yi haske fiye da kima. A nan ne ake buƙatar gad irin wanda ake saka wa talabijin da firji. Shi yanke wutar yake yi gaba ɗaya idan ta fita daga iyaka, kuma idan an dawo da ita yakan ɗan jira kafin ya sake ta. Wannan jiran da ke ba mu haushi shi ne amfaninsa, don haka kada a danna maɓallin tsallake shi.

Tsawa kuwa ba ta da gad. Idan hadari ya haɗo da damina aka fara walƙiya, a kashe, a zare waya daga bango, har da wayar eriya ko ta dish.

Batir na sayen lokaci ne

Bayan abin da ya faru, mai shagon ya sayo UPS, wato akwatin nan mai batir da ke karɓar aiki nan take idan wuta ta ɗauke. Mun yi murna, muna zaton an daina katse mana wasa. Sai muka zauna muka yi lissafi irin na ajin Fiziks.

A jikin akwatin an rubuta 650VA, batirin cikinsa kuma 12V ne mai 7Ah. Idan aka ninka 12 sau 7 za a samu 84, wato yana ɗauke da abin da zai iya ba da wat 84 na awa guda. Mu ƙaddara PS4 Slim tana jan wat 90 a tsakiyar wasa, talabijin mai inci 32 kuma wat 50, jimilla 140. Raba 84 da 140 ya ba mu 0.6 na awa, wato minti 36.

Amma a takarda ne kawai. Wani kaso yana salwanta a matsayin zafi wajen juya wutar batir zuwa irin ta soket, kuma batirin darma idan aka zuƙe shi da sauri ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa. Da muka gwada da agogo, minti goma sha biyu ya yi kukansa ya sauya, alamar ya kusa ƙarewa. Wasa ɗaya mai minti shida kowane zagaye, idan aka haɗa da canjin 'yan wasa da maimaicin ƙwallaye, yakan wuce kwata. Ke nan ƙaramin UPS ba na ƙarasa gasa ba ne. Aikinsa ya ba ku lokacin ajiye wasa da kashe na'ura cikin natsuwa.

Mai son ci gaba da wasa na sa'o'i sai dai inbata da babban batir. Na 12V mai 100Ah yana ɗauke da 1,200 a irin wancan lissafi. Batirin darma ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, saura 600, inbata kuma ta ci nata kason, a tashi da kusan 500. A kan wat 140, awa uku da rabi ke nan. Shi ma sai an samu abin cika shi. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wutar layi, kuma a irin wannan hali batirin da ba shi da sola ko janareta a bayansa kwana ɗaya zai yi ya zama kujera.

Zafi ma maƙiyin batir ne. Batirin darma ya fi son wajen digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu muna kaiwa kusan 40, don haka yana saurin tsufa a wurinmu. A ajiye UPS inda iska ke shiga, kada a rufe shi da ƙyalle. Idan wanda ke yin minti goma ya koma yin biyu, ko batirin ya kumbura, lokacin canji ya yi, kuma aikin mai gyara ne, ba na ɗalibi da sukundireba ba. Kada kuma a jona masa dutsen guga ko hita.

Minti biyu da ke ceton faifai

A cikin PS4 akwai faifan ajiya mai juyawa. Idan wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, fayil ɗin yakan tsaya rabi, kamar wasiƙar da aka yage. Abin da ya cinye mana kakarmu ke nan. Yanzu dokar shagon ita ce, da zarar UPS ya fara kuka, kowa ya ajiye wasansa, ya jira alamar ajiya ta ɓace daga allo. Daga nan a danne maɓallin PS na jikin fad har jerin zaɓi ya fito, a shiga Power, a zaɓi Turn Off PS4. Fitilar na'urar za ta yi ta ƙiftawa, kuma ba a taɓa waya sai ta mutu gaba ɗaya.

Kuskuren da muka fi yi shi ne zaɓar Enter Rest Mode. Allo yana yin baƙi, sai a ɗauka an kashe, alhali na'urar barci kawai take yi, tana iya sauke sabuntawa a ɓoye. Fitila ruwan lemo tana nufin ba a kashe ba. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan barci ba namu ba ne.

Idan kuma wutar ta riga ku, kada ku firgita. Da aka kunna, na'urar za ta fara duba ma'ajiyarta da kanta. Ku bar ta ta gama, kuma ku yi hakan a kan wutar da kuka tabbata ba za ta yanke ba. Idan bayan haka gem yana maƙalewa, a kashe ta, a danne maɓallin kunnawa na kusan daƙiƙa bakwai har a ji ƙara ta biyu. Wannan zai kai ku Safe Mode. A haɗa fad da waya, a zaɓi Rebuild Database, wanda ke sake tsara jerin fayiloli. Ku yi hankali da duk zaɓin da ya fara da Initialize PS4, domin shi share komai yake yi.

Abu na ƙarshe shi ne kwafi. Ajiya ta intanet tana buƙatar biyan kuɗin PlayStation Plus da kuma sabis mai kyau, mu kuwa ba mu manta da watannin ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumominmu uku da wasu maƙwabta saboda matsalar tsaro. Filashi ba ya buƙatar sabis. A shiga Settings, sai Application Saved Data Management, sai Saved Data in System Storage, sai Copy to USB Storage Device. Mu mun mayar da shi aikin kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

A shagon yanzu jerin haɗin shi ne bango, sai gad, sai UPS, sannan PS4 da talabijin, kuma kafin a rufe da dare ana zare komai. Idan kuɗinku bai kai na UPS ba, ku fara da abin da ba ya cin ko sisi: ku daina barin na'ura da fitila ruwan lemo, kuma da an ɗauke wuta ku zare waya daga bango, kada ku mayar sai ta dawo ta yi 'yan mintuna a zaune.