Kuɗin Mota Tsakanin Adalci da Haɗama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Gummi ranar jajibirin Sallah, da buhunsa a gefe, iyalinsa na zaune a inuwa suna jira, ya ji ɗan kamasho ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka na makon jiya, ya san yadda zuciya kan yi saurin yanke wa direbobi hukuncin zalunci tun kafin a saurari hujjarsu. Ni ma na sha yanke wannan hukunci, har ranar da wani dattijon direba, wanda na ɗaga wa murya ba bisa haƙƙi ba, ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya ɗauki tsinke, ya ce, "Malam, zo mu yi lissafi, in ka same ni da laifi na ɗauke ka kyauta." Abin da na koya a wurinsa shi nake so in shimfiɗa, domin mai tafiya daga Anka, ko Bukkuyum, ko Nasarawar Burkullu ya iya rarrabe ƙarin da ke da dalili daga wanda haɗama ce zalla.

Asalin al'amarin shi ne, fasinja yana lissafa zuwa ne kawai, alhali direba yana lissafa zuwa da komowa, domin motar da ta kai mutane Gusau lalle ne ta dawo gida, ko da kowa a cikinta ko babu.

Mu ƙaddara, a bisa misali, tafiya ce ta kilomita 100 a ƙaramar mota mai ɗaukar mutum shida, biyu a gaba, huɗu a baya. Mu ce za ta sha mai lita 10, a kan naira 1,000 kowace lita, watau naira 10,000. A ɗora naira 2,000 na kamasho da kuɗin tasha, da naira 3,000 da ake warewa saboda baƙin mai da taya da makanike, sa'an nan naira 6,000 rabon mai mota da ladan direba. Jimla ta kama naira 21,000, wadda idan aka raba ta kan kujeru shida, kowace kujera za ta tashi a kan naira 3,500. Alƙaluman nan nawa ne na misali, kowa ya musanya su da farashin yau a garinsu. Hanyar lissafin ita ce abin riƙewa.

To, a ranakun da matafiya suke daidai ta kowace fuska, mota ta tafi cike ta komo cike, wannan kuɗi ya wadatar. Amma idan Sallah ta ƙarato, jama'a duka fuska ɗaya suke nufa, daga birane zuwa gida, bayan Sallah kuma su juya gaba ɗaya. Direban da ya kawo mutum shida, ya koma da biyu kacal, ya kashe naira 42,000 a kan mutum takwas, kowane kai ya kama naira 5,250. In kuwa ya koma wayam, nauyin duka ya faɗa kan shidan nan, kowa naira 7,000, ko ƙasa da haka kaɗan tunda motar da ba ta yi lodi ba ba ta biyan kamasho. Daga nan mai hankali zai fahimci ma'auni guda: iyakar abin da komawa wayam za ta iya halattawa shi ne ninki biyu. Abin da ya haura wannan, matuƙar mai bai tashi ba, hanya kuma ba ta sauya ba, sai a nemi dalilinsa, kuma galibi ba a samu.

Haka nan a kula da hujjar tsadar mai, domin ita ce aka fi fakewa da ita. Gaskiya ne tun da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa daga bisani, har kuɗin mota ya bi ta dole. Sai dai a misalinmu mai kusan rabin kuɗin tafiya ne kawai. Idan lita ta ƙaru da naira 200, ƙarin da ya hau tafiyar duka naira 2,000 ne, abin da bai kai naira 350 a kan kowace kujera ba. Wanda ya ƙara 1,500 ya ce mai ne, ya haɗa gaskiya da ƙari.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanta da ƙasarmu, wanda ba ya shiga lissafin lita. Rashin tsaro ya taƙaita yinin direba, domin mafi yawansu ba su yarda su kama hanyar Anka zuwa Daki Takwas ba da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, kuma wanda a da yake sawu biyu yanzu ɗaya yake samu, alhali cefanen gidansa bai ragu ba. Saboda haka motar ƙarshe ta la'asar takan fi tsada. Damina ma haka, idan ruwa ya yanke hanya aka koma zagaye. Wannan ƙari ba na ganin laifinsa, ko da yake yana da ciwo.

'Ya'yanmu da ke zuwa Kano da Abuja kan tarar da wani salo, inda ake kiran mota ta wayar hannu, irin su Uber da Bolt. A can na'ura ce ke yanke kuɗi: akwai na shiga, akwai na kowace kilomita, akwai na kowane minti, sa'an nan idan masu nema sun rinjayi motocin da ke kusa, kamar lokacin tashi daga aiki ko saukar ruwan sama, sai ta ninka jimlar, wani lokaci da rabi, wani lokaci fiye, don ta jawo direbobi zuwa wurin. Bambancinsa da namu shi ne ba ya daɗewa. Wanda ya haƙura na ɗan lokaci, ko ya taka ya yi nisa da cunkoson, sau da yawa yakan ga kuɗin ya sauko. A inDrive kuwa ciniki ake yi, kamar yadda muke yi da ɗan kabu-kabu.

Malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa lada ya zama sananne tun kafin a fara aiki, kuma rabin rigingimun tasha daga saɓa wa wannan suke tasowa. A tambayi kuɗin kujera da na kaya dabam-dabam kafin a ɗora buhu, a tambayi fasinjan da ya riga zama nawa ya biya, domin a tashar da ƙungiyar direbobi ke kula da ita kuɗin kujera ɗaya ne ga kowa. Mai ɗaukar shata kuma ya sani kujeru shida ya saya, har da komowar motar in ƙauyen da zai sauka ba a samun fasinja, don haka a yanke tun a tasha ko direba zai jira shi, da kuma awa nawa.

Dattijon nan dai bai ɗauke ni kyauta ba. Na biya abin da ya faɗa, ya rage mini kuɗin buhu, muka bar Gummi rana na bisa kai.