Gasar Dara ta Mutum 32 a Unguwa: Yadda Ake Tsara Ta a Gama a Yini Ɗaya

Wuyar gasar dara ba ta wajen tara 'yan wasa. Kowace majalisa tana da gwaninta, kuma da an ce za a kara, kafin kwana biyu sunaye sun cika takarda. Inda ake samun cikas shi ne wajen la'asar, lokacin da mutum uku suka tashi da maki ɗaya, kowa yana rantsuwa shi ya cancanci wucewa, ga shi ba a rubuta komai a kan haka ba tun farko. Duk hukuncin da mai shiri ya yanke a wannan lokacin, ko da gaskiya ce tsantsa, sai an ce ya yi son kai. Don haka rabin aikin gasa ana yin sa ne a takarda, kafin a dasa ɗa ko ɗaya.

Darar da nake nufi ita ce mai gurbi 30, layi biyar gurbi shida shida, kowa da 'ya'ya 12, wani da tsinken kara wani da tsakuwa. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Wannan kowa ya sani. Amma ƙananan dokoki sukan bambanta daga wannan majalisa zuwa waccan: ko an yarda a cire ɗa daga cikin ukun da mutum ya riga ya jera, mene ne hukuncin jera huɗu, kuma in hannu ya taɓa ɗa dole ne a tura shi ko a'a. Mai shiri ya zauna da dattawan wasan su tsayar da magana ɗaya, a rubuta, a karanta wa kowa da safe.

Sai tsarin karawar. Mafi sauƙi shi ne sili ɗaya ƙwale: 32 su koma 16, su koma 8, 4, 2, a fitar da zakara. Zagaye biyar ke nan, karawa 31. Ba ya cin lokaci, amma ban so shi a gasar unguwa ba, saboda mutum 16 za su koma gida bayan karawa ɗaya tak. Wanda ya rufe shagonsa ya zo, aka haɗa shi da gwanin gari a zagayen farko, kafin rana ta yi zafi ya zama ɗan kallo, baɗi ba zai dawo ba.

Na fi son a raba su rukuni takwas, A zuwa H, kowanne mutum huɗu, kowa ya kara da sauran ukun. Karawa shida ke nan a rukuni, 48 gaba ɗaya. Biyun da suka fi maki su wuce, a samu 16, daga nan a koma sili ɗaya ƙwale: karawa 15, da ta neman na uku ta cika 16. Jimilla 64. Masu kallon ƙwallo ba sa bukatar dogon bayani, domin da wannan tsarin aka buga Kofin Duniya daga 1998 har zuwa na Qatar a 2022. Ko mafi rauni a cikin 'yan wasa zai zauna gaban dara sau uku kafin ya tafi.

Wajen ƙuri'a, kada a zuba sunaye 32 a hula ɗaya a ce sa'a ta raba. A fara ware gwanaye takwas da kowa ya yarda da su, a ba kowanne rukuninsa, sannan a ja sauran 24 a bainar jama'a. In mutum biyu daga majalisa ɗaya suka faɗo rukuni ɗaya, na biyun ya matsa rukuni na gaba. Wannan ma a faɗe shi kafin a sa hannu a hula.

Kowace karawa a rukuni wasa biyu ce, kowa ya fara dasawa sau ɗaya, don kada wani ya ce farawa ce ta kayar da shi. Cin wasa maki 2, canjaras maki 1, ke nan maki huɗu ake rabawa a kowace karawa. A ba kowane wasa minti 12. In lokaci ya cika ba a gama ba, wanda ya fi da 'ya'ya biyu ko sama da haka shi ya ci, in ba haka ba canjaras. Dalilin da ya sa ban ce ɗa ɗaya ya isa ba, shi ne da mutum ya ci ɗa guda sai ya kama jan ƙafa, yana shafa gemu yana jiran agogo. Alƙali zai gane mai wannan hali da wuri: kafin ya ci yana turawa da sauri, bayan ya ci kowane turi sai an yi ta jiransa. A ja masa kunne sau ɗaya, daga nan a riƙa ƙirga masa goma.

Yanzu ga inda gardama take. Mu ɗauki rukunin C, a ce akwai tela, mahauci, direba da malamin makaranta. Tela ya doke mahauci 3 da 1, mahauci ya doke direba 3 da 1, tela da direba suka raba 2 da 2. Da malam kuwa, tela ya samu 2, mahauci 3, direba ya cinye duka 4. In ka haɗa, tela 7, mahauci 7, direba 7, malam 3. Kujera biyu, mutum uku.

Matakin farko na raba gardama shi ne a ajiye malam gefe, a duba abin da su ukun suka yi a junansu kawai. Tela yana da 5, mahauci 4, direba 3. Tela ne na ɗaya, mahauci na biyu, direba ya fita. Babu shakka direba zai miƙe ya ce, “Haba Alƙali, ni kaɗai na cinye malam wasa biyu, a ce ni zan tafi gida?” Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma da an zaɓi wata dokar dabam tun farko, mai yiwuwa shi zai wuce. Abin da zai kwantar da shi kawai shi ne a nuna masa takardar da aka karanta da safe yana zaune. A Kofin Duniya na 2018, Senegal da Japan sun yi daidai a maki, da ƙwallaye, har karawarsu ma 2 da 2 aka tashi, aka fitar da Senegal saboda katin gargaɗinta shida, na Japan huɗu. Abin ya yi ciwo, amma dokar tana rubuce tun kafin a fara.

Wani lokaci wannan matakin ba ya raba su. A ce tela ya doke mahauci, mahauci ya doke direba, direba ya doke tela, duka 3 da 1, kuma kowannensu ya cinye malam. Kowa maki 8, a junansu ma kowa 4, yawan wasannin da suka ci ma ɗaya ne. A nan sai a koma ga 'ya'ya: a kowane wasa, nawa suka rage maka, nawa suka rage wa abokin karawarka, a haɗa bambancin. Wannan ba zai yiwu ba sai in alƙalin kowace dara yana rubuta ragowar 'ya'ya a ƙarshen kowane wasa, 'yan wasan biyu su sa hannu kafin a kwashe. In aka bari sai an bukata sannan a tambayi mutane, kowa zai tuno abin da ya yi masa daɗi. In har nan ma an yi daidai, a buga gajeren wasa na minti shida a tsakaninsu. Ƙuri'a ita ce ta ƙarshe, kuma da wuya a kai gare ta.

Zagayen 16 a zana shi a allo tun da safe, a bar guraben suna babu komai. A ɓangare ɗaya, na ɗayan A da na biyun B, na ɗayan C da na biyun D, haka E da F, haka G da H. A ɗaya ɓangaren a juya: na ɗayan B da na biyun A, har zuwa na ɗayan H da na biyun G. Da haka waɗanda suka fito rukuni ɗaya ba za su sake gamuwa ba sai a karawar ƙarshe ko ta neman na uku. A nan babu canjaras. In wasa biyu bai raba su ba a yi na uku, wanda fifikon ɗa guda ya isa, in kuma 'ya'ya sun yi daidai lokacin da agogo ya cika, wanda ya riga ci shi ya wuce.

Da dara takwas da alƙalai takwas, Asabar ɗaya ta wadatar. Rajista ƙarfe 8:00, karanta dokoki da ƙuri'a 8:30. Daga 9:00 kowane rukuni ya zauna a dararsa, kowace karawa minti 30, wato 24 na wasa da shida na rubutu da sauya zama. Karawa huɗu za su kai 11:00.

Biyun ƙarshe na kowane rukuni suna bukatar dabara. In aka buga su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka zo a ƙarshe sun riga sun san lissafi, kuma abokai biyu suna iya raba maki da gangan su wuce tare. Maganin shi ne a buga su lokaci guda, kuma ba sai an ƙara dara ba: ƙarfe 11:00 rukunin A zuwa D su mamaye dara takwas ɗin duka, kowanne biyu, 11:30 kuma E zuwa H su karɓa. Ƙarfe 12:00 an gama kamar yadda aka tsara.

Rabin awa ta gaba ta haɗa maki ce da raba gardama, kada a taɓa ta. Zagayen 16 ya fara 12:30, minti 45, sannan a tashi sallar azahar da abinci. A dawo 2:15 don zagayen takwas, na kusa da ƙarshe 3:00, a tsaya la'asar. Ƙarfe 4:30 a buga na neman na uku da na ƙarshe, a raba kyauta kafin magariba. Wanda ya makara minti goma ya rasa wasan farko, in ya kai ashirin ya rasa karawar. A kuma tanadi mutum uku ko huɗu 'yan jiran gurbi, domin da wuya 32 su cika cif da safe.

'Yan kallo kuwa, a ja musu igiya taku uku daga dara. Tari ɗaya ko “kai!” ɗaya daga bayan mutum ya isa ya nuna masa dokin da ake shirin ɗaura masa, kuma wasan ya lalace ke nan.

Batun kuɗi a yi hattara da shi. In aka tara kuɗin shiga aka miƙa wa zakara, mutane da yawa za su kira abin caca, kuma masu mutunci za su janye. Gara kyauta ta fito daga wani mai hali ko ƙungiyar unguwa, kuɗin rajista in akwai ya tsaya a ruwan sha da hayar rumfa, a kuma karanta lissafinsa a fili. A sanar da mai unguwa tun da mako guda. Takardar dokoki kuma kada ta wuce shafi ɗaya, a liƙa ta kusa da allo, kowane ɗan wasa ya sa hannu a kanta kafin a ba shi lamba.